Yadda na haɗa fim ɗina na farko a Maraɗi da wayar aro

Tun da ɗan fim ɗin nan nawa ya fara yawo daga waya zuwa waya, 'yan mata da dama suka riƙa tare ni da tambaya iri ɗaya: wace waya ce, nawa na kashe, kuma wa ya koya mini. Amsar ta fi ƙarfin gaisuwar kan hanya, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, don wadda za ta biyo baya ta san inda ake tsayawa da inda ake jira. Fim ɗin minti 7 ne kacal. Labarin wata yarinya ce mai tallar ƙuli-ƙulin kakarta, wadda kuɗin ciniki suka zube mata a hanya, ta dawo gida tana neman yadda za ta faɗa. Babu waƙa, babu rawa, mutum biyu ne da tsakar gida da lungu guda.

Na fara rubuta labarin a littafin makaranta tun cikin hunturu, amma na daɗe ban nuna wa kowa ba. Ɗinki nake yi a gida tun da na gama lise, ban taɓa tsayawa inda ake ɗaukar fim ba, kuma duk lokacin da na buɗe littafin sai wata zuciya ta ce mini wannan aikin masu kamara ne na Kano da Yamai, ba na mai keken ɗinki ba. Wayata ƙarama ce, hotonta duhu-duhu, amma tana ɗaukar murya sarai. Wadda ke da kamara mai kyau a danginmu ita ce ta ɗan kawuna, wanda ke da shago a kasuwa. Kafin in tunkare shi sai da na fara da Baba, domin na san idan maganar ta riske shi daga waje, an gama. Na same shi bayan isha'i na karanta masa labarin gaba ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Ke ɗiya, mi za ki samu cikin wanga abu?" Na ce ban sani ba tukuna. Na kuma faɗa masa cewa Aïcha Macky, 'yar Damagaram, mace ce kamata, kuma finafinanta na gaskiya sun kai har ƙasashen waje ba tare da ta tsaya gaban kamara tana rawa ba. Bai nuna hujjar ta burge shi ba, amma ya gindaya sharuɗɗa: fuskata ba za ta fito ba, ba aiki bayan magariba a waje, kuma ƙanena zai kasance tare da ni ko'ina. Na karɓa hannu biyu, don dama ina buƙatar mai riƙe mini kaya.

Maganar aro ita ce ta tsara komai, kuma a nan nake so mai karatu ta natsu. Ɗan kawuna bai hana ba, sai dai wayar ita ce shagonsa na biyu. Da ita yake magana da masu turo masa kaya ta Jibiya da Katsina, layi biyu ne a ciki, na nan da na Najeriya. Ya ce: "Ƙanwata, Litinin da Juma'a kada ma ki tambaya, ranakun kasuwa ne. Sauran ranaku ki zo ki amsa ƙarfe 7, ƙarfe 10 ta same ni a shago." Ranar Lahadi kuma ya yarda in riƙe ta daga la'asar zuwa dare. Gwaggo da ke zaune wurin ta ce kayan aro ba ya rufe katara, aka yi dariya, ni kuwa maganar ta kwana a raina. Abu biyu na roƙa a wurin kuma na ji daɗin da na roƙe su da wuri. Na farko, izinin sa wayar a yanayin jirgin sama muddin tana hannuna, domin kira guda yana iya yanke ɗauka a tsakiyar magana, ko da kuwa ba a amsa ba ƙarar girgizarta tana shiga. Wannan ya sa ya sanar da abokan cinikinsa su neme shi ta lambar yaron shago da safe. Na biyu, izinin saka manhajoji biyu a ciki, Open Camera ta ɗauka da CapCut ta haɗawa, tare da alkawarin zan cire su idan na gama.

Da na duba cikin wayar, giga 4 kawai suka rage, sauran duk hotunan kaya ne da saƙonnin murya, kuma ba ni da hurumin goge ko ɗaya. Ga lissafin da ya kamata kowa ta yi tun kafin ta tara mutane. Idan aka sa ingancin hoton wayar a 1080p, minti guda na bidiyo yana cin wajen mega 130 zuwa 150. Ke nan giga 4 wajen rabin awa kawai za su ɗauka. Fim mai minti 7 kuwa ba minti 7 ake ɗauka ba, domin kowace fitowa ana maimaita ta, ana kuma ɗaukar ta daga nesa da kusa. Ni abin da na tara ya kai wajen ninki goma, kusan minti 70, wato giga 10. Da na ruɗu da 4K, wanda ya fi 1080p ingancin hoto, da abin ya ninka kusan sau uku, wayar ta fi saurin zafi, haɗawa kuma ta yi nauyi, alhali masu kallona a waya za su gani. Na yi niyyar sayen katin ajiya, sai na tarar gurbin katin shi ne gurbin layi na biyu, sai an cire ɗaya ake sa ɗaya, kuma ba zan riƙa zare wa mutum layinsa kullum ba. Mai sayar da kayan waya ne ya nuna mini kilen ajiya mai baki biyu, wanda aka rubuta OTG a jikin kwalinsa, baki ɗaya na shiga waya, ɗaya na shiga kwamfuta ko talabijin. Mai giga 32 na saya jaka 5, wato sefa 5,000 ga wanda bai saba da lissafinmu ba. A gwada shi a jikin wayar tun a gaban mai shago, saboda bakin caji iri biyu ne, kuma wasu wayoyin sai an kunna OTG a cikin saitinsu kafin su ga kilen.

Daga nan sai neman izini, inda na fi ɓata lokaci. A rubutun farko kuɗin yarinyar a cikin kasuwa suke zubewa, don haka na je wani ofishi na hukuma da aka ce shi ke da hurumin wurin. Na zauna kan benci tun safe, ana shiga ana fita, sai wajen azahar wani ma'aikaci ya saurare ni. Ya ce in kawo takardar roƙo rubutun hannu da Faransanci, a manna mata tambur, da kwafin katin shaidata, da taƙaitaccen labarin a shafi guda, da ranakun da nake son aiki. Na haɗa na kai, aka karɓa, aka ce in riƙa leƙowa. Na yi ta leƙowa, kullum mai sa hannu ba ya nan. Ba wanda ya wulaƙanta ni, sai dai kowace tafiya kuɗin kabu-kabu ce da safiya guda daga cikin safiyoyin wayar. A kan bencin nan shakkata ta fi tsanani, musamman ranar da aka tambaye ni sunan kamfanina na ce ba ni da shi, wani da ke gefe ya murmusa. Ana cikin haka na je na tsaya a kasuwar na rufe ido na saurara, sai na gane ko an ba ni takardar ba zan iya aiki a wurin ba: lasifikar masu magani, hon na adaidaita, ga mutane da za su tsaya suna kallon kamara, ga waɗanda ba su yarda a ɗauke su ba. Na koma na sake rubutun, kuɗin suka zube a lungun bayan gidanmu, wajen famfo. Fim ɗin bai rasa komai ba.

Izinin da ya yi mini aiki na mai unguwa ne. Baba ya haɗa ni da kawu muka je da goro na jaka 1, na durƙusa na gaishe shi, kawu ya yi bayani. Tambayoyinsa uku ne: ɗiyar wa ce, za a nuna matan aure na maƙwabta, kuma akwai kiɗa? Da ya ji amsa ya sa albarka, ya kuma ce yaronsa zai gaya wa gidajen lungun. Wannan sanarwar ce ta sa ranar aiki ba wanda ya fito yana tambayar wa ya aiko mu. Duk da haka na kiyaye abu guda da kowa ya sani a ƙasar nan: ba a juya kamara wajen jami'an tsaro ko ginin hukuma, ko da a bayan hoto ne. Yarinyar da ta fito a matsayin 'yar talla ɗiyar maƙwabta ce mai shekara 10. Na rubuta 'yar takarda da Hausa mai cewa iyayenta sun yarda ta fito, sun san za a sa fim ɗin a intanet inda ba a iya janye shi, kuma ba za ta rasa makaranta ko allo saboda shi ba. Na karanta wa uwar da uban a bayyane, uban ya sa hannu, uwar ta dangwala. Wasu sun ce na cika tsanani tsakanin maƙwabta. Ni dai na ga maganar intanet ɗin ce ta sa uwar ta tsaya ta yi tunani kafin ta amsa, kuma gara ta yi tunanin nan a lokacin. Wannan sharaɗi ya ƙara matse ni, domin yarinyar ba ta samuwa sai Asabar da safe da Lahadi da yamma, sauran safiyoyin sai na bar su ga fitowar tsohuwa ita kaɗai.

Tsohuwar kakata ce ta wajen uwa, wadda ta shekara fiye da yadda zan ƙirga tana matsar mai. Ba ta karatu, don haka ban ba ta layukan haddacewa ba. Nakan gaya mata halin da ake ciki, in ce yarinya ta dawo faranti ba kaya kuma hannu ba kuɗi, me za ki ce mata? Abin da ta faɗa ya fi wanda na rubuta nesa ba kusa ba. Wahalar ita ce maimaitawa. Idan na ce a sake, sai ta ce: "Kishiya, ba yanzu na faɗa ba? Ko kunnenki na ciwo?" A ranar farko muryata ma ba ta fita. Ina jin nauyin in ce wa tsohuwa ta tashi ta koma ta sake zama, ga matan gida sun jeru a bakin ɗaki suna kallo. Abin da ya taimake ni shi ne na daina cewa ba ta yi daidai ba, na koma nuna mata abin da aka ɗauka ina ce mata yanzu hannunta nake so in gani, ɗazu fuskarta na ɗauka. Da ta gane kowace maimaitawa da abin da ake nema a cikinta, ta daina ƙorafi, har ita ke tuna mini cewa ɗazu ludayin a hannun hagu yake.

Cikin Afrilu muka yi aikin, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40 da rana. Ƙa'idar ƙarfe 10 da na ɗauka takura ce sai ta zama gata, domin daga 7 zuwa 9 haske yana da laushi, fuska tana fita ba tare da inuwa ta cika kwarmin ido ba. Amma ko da safe wayar tana ɗumi. Alamar farko ita ce allon ya rage haske da kansa, sannan hoton ya fara tsalle, daga ƙarshe kamarar ta rufe. Mun cire mata riga, ba ma ɗauka tana jone da caji, ƙanena yana tare mata rana da faifai, kuma tsakanin fitowa da fitowa mukan kashe allon mu ajiye ta a inuwa kusa da randa, ba a jikin jiƙaƙƙen wuri ba. Kada a sa ta a firji, raɓar da za ta taru a ciki ta fi zafin illa, kuma wayar ba taki ba ce. Sai maganar haske. Waya tana auna haske da kanta, idan bayan mutum farin bango ne da rana ta haska, sai ta rage komai fuskar ta koma baƙi ƙirin, kuma duk motsin da aka yi hoton yana haske yana duhu. Maganinsa a zaunar da mutum a inuwa, bayansa ma inuwa, a taɓa fuskar a allo, sannan a kulle hasken da saitin idon kamara kada su motsa. Mu ƙarƙashin bedin tsakar gida muka yi kusan komai, da farin zanen gado da aka riƙe daga gefe yana maido haske a fuskar Kaka. Wayar kuma a kwance, kan abin ɗora waya mai ƙafa uku da na saya jaka 4, kuma ban taɓa jawo hoto da yatsa ba, idan ina son kusa sai in ɗaga ƙafar in matsa.

Lahadin farko da dare na zauna na kalli abin da muka tara, na ji kamar in mayar da waya in ba kowa haƙuri. Hoton ba laifi, amma abin bai yi kama da fim ba, kuma na kasa gane dalili. Ƙanena ne ya kai ni wurin wani mai ɗaukar bidiyon biki a unguwar Zariya. Ya kalli minti guda, ya kife wayar a kan tebur ya bar ta tana magana, ya ce: "Ƙanwata, saurara. Mi kike ji?" Injin niƙa na ji, da akuya, da iska tana bugun makirfo, can ƙasa kuma muryar Kaka kamar daga gidan maƙwabta. Ya ce makirfon waya abin da ya fi kusa da shi yake ɗauka, ni kuwa na ajiye ta taku huɗu daga mai magana. Mutane suna haƙuri da hoto mai rauni, in ji shi, amma da zarar sun kasa jin magana sai su wuce. Bai karɓi ko dala ba, kuma abin da ya koya mini a zaman nan shi ne rabin fim ɗin.

Ga yadda muka koma yi. Ƙaramar wayata ta zama ta murya. Na jona mata abin sauraren kunne mai waya, irin mai ɗan makirfo a jikin igiyar, na manne makirfon da salatif a ƙirjin rigar Kaka daga ciki, kamar tafin hannu guda ƙasa da haɓa, wayar kuma a ɗaure cikin zane a ƙugunta. Dole a bar ɗan sarari kada mayafi ya riƙa gogar makirfon, don wannan ƙarar ba ta gyaruwa daga baya. Tsarin kowace ɗauka ɗaya ne: a kunna murya, a kunna kamara, ƙanena ya shiga gaban kamara ya faɗi lambar fitowa da lambar maimaici, ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ya fita, in ƙirga uku a zuci sannan in ce bismilla. Tafin nan shi ne madogara wajen haɗawa, domin yana fitowa kamar tsini a zanen sautin wayoyin biyu, sai a daidaita tsini da tsini, baki ya hau kan magana. Na kuma riƙa yanke ɗauka gajere, minti ɗaya ko biyu, saboda idan ta yi tsawo sautin waya ɗaya da hoton ɗayar sukan fara zamewa kaɗan-kaɗan. Mai injin niƙa na je na gaishe shi na tambayi lokacin da yake tayarwa, ya ce sai wajen 8 da rabi mata ke fara kawo niƙa, don haka duk fitowa mai magana muka mayar da ita farkon safiya, marasa magana suka koma baya. Kafin mu tashi daga kowane wuri kuma kowa ya yi tsit minti guda a ɗauki shirun wurin. Tsakar gida ba ta taɓa yin shiru na gaske, akwai tsuntsaye da motsin gari daga nesa, kuma da wannan ake cike giɓi tsakanin magana da magana don kada kunne ya ji an yanka.

Fitowar da ta fi ba ni aiki ita ce ta dawowar yarinya, kuma ita ce zan ba da misali da ita. A fim ɗin ba ta kai minti ɗaya da rabi ba. Kaka na zaune tana mulmula tunkuza, yarinya ta shigo ta tsaya, Kaka ta miƙa hannu a ba ta kuɗi. Mun ɗauke ta sau huɗu daga farko har ƙarshe, kowane da girmansa: ɗaya daga nesa da ke nuna su biyu da murhu, ɗaya fuskar Kaka, ɗaya fuskar yarinya, ɗaya kuma hannuwa kawai, tafin Kaka a buɗe da yatsun yarinya suna murza gefen faranti. Mai bidiyon biki ya gargaɗe ni da abu guda: in ɗauka akwai igiya miƙe tsakanin su biyun, kamara ta zauna a gefe ɗaya na igiyar kada ta tsallaka. Idan aka tsallaka, wajen haɗawa sai a ga su biyun suna kallon gefe guda, kamar ba juna suke yi wa magana ba. Makirfo ɗaya gare ni, don haka idan fuskar Kaka ake ɗauka yana jikinta, idan ta yarinya ce a mayar da shi jikin yarinya. Fuskar yarinyar kuma ba a rana ɗaya aka ɗauke ta da ta Kaka ba, shi ya sa na riƙa ɗaukar hoton kowa da kayansa a ƙarshen aiki, na riƙe hijabin da farantin a ɗakina har aka gama, kuma na lura da inda inuwar bedi take don mu dawo a daidai wannan lokacin. Ƙuli-ƙulin ma sai da aka ɓoye, don yaran gida sun fara rage shi.

Kullum ƙarfe 9 da rabi nake tsayar da aiki ko an gama ko ba a gama ba. Rabin awar da ta rage ta kwashe kaya ce: in jona kile, in kwafe bidiyon ranar cikin jaka mai kwanan wata, in buɗe biyu ko uku daga kan kilen in tabbatar suna tafiya har ƙarshe, sannan in goge na cikin wayar. Kwafewa nake yi, ba matsarwa ba, domin idan kile ya motsa a tsakiyar matsarwa ana iya rasa fayil ta kowane gefe. Duk ƙarshen mako kuma ina kai kilen wurin wata ƙawata ɗalibar jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo mai kwamfuta, mu ajiye kwafi na biyu.

Haɗawa ma a wayar aron na yi ta, a daren Lahadi, kuma giga 4 ɗin nan ba za su ɗauki giga 10 ba. Sai na fara haɗa fim ɗin a takarda. A kwamfutar ƙawata na kalli komai, na rubuta lambar kowace ɗauka da ta yi kyau da daƙiƙar da zan shiga da wadda zan fita, sannan na mayar da zaɓaɓɓun kawai cikin wayar, wajen giga 2. Akwai abin da ya kamata a sani a nan: manhajar haɗawa ba ta haɗiye bidiyon, nuni kawai take yi zuwa inda yake a wayar. Idan aka goge fayil ɗin ko aka sauya masa wuri, gurbinsa a aikin sai ya zama fanko. Don haka na roƙi ɗan kawuna kada ya taɓa jakar da na sa wa sunana, kada kuma ya danna abin nan mai share datti ya ba da wuri, har sai na ce na gama. Haɗin farko ya kai minti 11, kuma ina son kowane daƙiƙa a cikinsa. Ƙawata ta kalla, na lura da inda idonta ya bar allo, duk wuraren tafiya ne, yarinya na fita, yarinya na shiga, ana buɗe ƙyaure ana rufewa. Na yanke su. Waƙar kowa ban sa ba, saboda ba ni da izinin mai ita, kuma ƙarar mai a kasko da tsakin Kaka sun ishe ni. Na fitar da shi a 1080p, na saurare shi da abin kunne, na sake saurare da lasifikar ƙaramar wayata, tunda da irinta yawancin mutane za su ji.

A talabijin ɗin gidan kawu muka fara nuna shi, ta kilen nan. Ban iya zama ba, a bakin ƙofa na tsaya. An yi dariya a wurin da ban zata ba, an yi shiru a wurin da na yi fata, Kaka kuma ta yi ta gardama cewa an nuna ta tana faɗa da yawa. Baba ya kalla har ƙarshe, abin da ya ce kawai shi ne maganar tsohuwar tana fita sosai. Shakkar ba ta tafi ba, har yanzu idan na kalla farin bangon da ya ƙone a fitowa ta biyu nake fara gani. Sai dai yanzu na san sunan abin da ke damuna a kowace fitowa da yadda ake gyara shi, wanda a da ban sani ba.

Abin da na kashe ya tashi wajen jaka 26: kile 5, ƙafar waya 4, gyaɗa tiya biyu da itace 3, kabu-kabu 3, abincin masu taimako 4, goro 1, takardu da tambur 1, intanet 2, sai ɗan yadi na jaka 3 da na ɗinka wa yarinyar. Wadda za ta fara, shawarata ita ce ta san awannin wayar da sararin cikinta tukuna, sannan ta rubuta labarin da zai shiga cikinsu, mutum biyu ko uku, wuri ɗaya ko biyu da take da iko da su. Ta yi gwajin minti guda da murya da tafi da haɗawa, daga farko har fitarwa, kafin ta kira kowa. Idan labarin dole sai ya shiga wurin jama'a, ta kai takarda da wuri ƙwarai kuma ta tanadi wurin da zai maye gurbinsa. Wajen turawa ta WhatsApp, a tura shi a matsayin Document, in ba haka ba manhajar tana matse bidiyon ya rage kyau. Ranar mayar da waya kuma a zauna a yi ta a tsanake: a tabbatar fim ɗin da aka gama yana wuri biyu, a fita daga duk asusun da aka shiga, a cire manhajojin, a goge bidiyoyin, sannan a buɗe kwandon shara na ma'ajiyar hotuna a zubar, domin wayoyi da yawa suna riƙe abin da aka goge har kwana 30. A cikin abin da na ɗauka akwai matan gidanmu ba mayafi suna wucewa ta bayan hoto, kuma wayar shago hannu da yawa take bi.